Daga Bakin Rumfa: Takardar da Yaya ta rubuta wa ƙannenta a kan girkin tukunya ɗaya

 Duk wanda yake cin abinci da fatauci ya san cewa akwai ranar da tafiya za ta haɗa uba da uwa gaba ɗaya. Maigida ya tafi Taciman saro doya ko masara, uwargida kuma an yi rasuwa ko biki a Bauku, dole ta je. Kwana uku ko huɗu gida yana hannun yara. Mukan bar musu kuɗin cefane, mu auna musu shinkafa, mu ce kada a buɗe wa baƙo ƙofa da dare. Abin da ba mu cika bari ba shi ne bayanin yadda za a yi da wuta, da kuma yadda za a yi da abincin da ya rage a tukunya.

A wannan mako na kawo muku wata takarda da 'yar wani maƙwabcina a kasuwa ta rubuta wa ƙannenta. Tana karatun aikin jinya a Tamale, su kuma ƙannen suna wani zango a Kumasi. Su uku ne: mace mai shekara 15, namiji mai shekara 12, sai auta mai shekara 7. Mahaifinta ya ba ni izinin sa takardar a nan, na cire sunaye, na kuma sa bakina a wuraren da na ga ya kamata iyaye su ji ƙarin bayani.

Ga yadda ta fara:

"Ƙannena, ina gaishe ku. Na ji Baba da Umma za su yi tafiya ranar Alhamis, sai Lahadi za su dawo, ni kuma ba za a sake mu daga makaranta ba. To ku karanta wannan tare, ku maƙale ta a bangon madafa. Abinci ɗaya nake so ku riƙa dafawa, dafa-dukan shinkafa da wake da busasshen kifi. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, kuma babu suya. Ke ƙanwata, ke kaɗai ce mai kunna wuta da kashe ta. Kai ƙanena, naka shi ne tsince wake, jajjage da wanke-wanke. Auta, aikinka shi ne ka zauna nesa da murhu, kada ka ƙetare bakin ƙofar madafa sai an kira ka."

Ku lura da kalmar nan, babu suya. Nan ne dabarar yarinyar take. Galibin matanmu idan za su yi dafa-duka sai sun soya albasa da tumatir a mai tukuna, kuma gaskiya ya fi ƙamshi. Amma ruwa ba ya wuce digiri 100 idan yana tafasa, mai kuwa yana wuce haka nesa ba kusa ba, kuma idan aka manta da shi a wuta yana iya kamawa da kansa. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa cikinsa sai ya yi tsartuwa a fuska. Da ta cire suya daga girkin, ta cire abin da ya fi saurin jawo gobara a madafa. Ɗan ƙamshin da aka rasa, daddawa da kifi za su mayar da shi.

Kafin a kunna wuta

"Kafin ki taɓa ashana, ki sunkuya kusa da tukunyar gas ki shinshina. Gas ya fi iska nauyi, idan yana yoyo ƙasa yake kwanciya, ba sama yake tashi ba. Warin da kike ji da gangan aka zuba shi a ciki don a gane yoyo. In kin ji wari, kada ki ƙyasta ashana, kada ki kunna fitilar lantarki ko ki kashe ta, kada ki taɓa fanka. Ki rufe gas ɗin daga kan tukunyar, ki buɗe ƙofa da taga, ku fita waje dukanku, daga can ki kira Gwaggo ta ɗakin tsakiya. Waya ma a waje za ki yi ta.

"In babu wari, ki fara ƙyasta ashana, ki kai ta bakin murhu, sannan ki murɗa gas. Kada ki murɗa gas ki tafi neman ashana, wanda ya taru kafin ki dawo shi ne yake bugun mutum a fuska. Wuta mai kyau shuɗiya ce. In kin ga ta yi ja tana baƙanta gindin tukunya, to kan murhun ya yi datti, ki kashe, ki bari ya huce, ki goge ramukan. Idan an gama girki, ki fara rufewa daga kan tukunyar gas, wutar ta mutu da kanta, sannan ki rufe murhun. Hijabi da gyale ki cire su kafin ki tsaya gaban wuta, ki ɗaura ɗankwali tamau, bakin zani ki soke shi."

Iyaye, akwai wani aiki a nan da ba na yaro ba ne, namu ne, kuma minti biyar yake ci. Kafin tafiya a kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a buɗe gas daga kan tukunya ba tare da an kunna murhu ba, a shafa kumfar a wuyan tukunyar, da tsawon tiyon, da inda tiyon ya shiga murhu. Duk inda kumfa ta riƙa kumbura tana fashewa, nan ne yoyon yake. Tiyon da ya bushe ya tsattsage a canza shi, ba a ɗaure shi da leda ko roba. Kada a gwada yoyo da ashana, na san akwai masu yi.

Sai ta zo kan gawayi, don ta san gas yakan ƙare ba sallama:

"In gas ya ƙare, kurfoti a tsakar gida za a ajiye shi, inda iska take wucewa. Ko ana ruwan sama kada a shigar da shi ɗaki, a matsa da shi ƙarƙashin baranda. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Garwashin da ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da jin barci, kuma za ku ga ta kama ku gaba ɗaya lokaci guda. In kun ji haka ku fita iska nan take, ku kira babba, a kai ku asibiti. Kada a kwana da garwashi a ɗaki don jin ɗumi. Kada kuma a zuba kalanzir a kan gawayin da ya riga ya kama, fetur kuwa ko kusa."

Wannan iskar ita ce likitoci suke kira kabon monoksaid, ita ce kuma take fita daga janareta. Tana shiga jini ta tare wurin iskar da jiki yake buƙata, mutum yana barci ba zai san abin da ake ciki ba. Shi ya sa muguntarta ta fi yawa da dare, a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga.

Girkin kansa

"Ma'auninmu ƙaramin gwangwanin madara ne. Ku uku, cin zama ɗaya: wake gwangwani 1, shinkafa gwangwani 2. Kada a ƙara don a ce a huta girkin dare, zan gaya muku dalili a ƙasa.

"Da safe kafin ku tafi makaranta, ƙanena ya tsince waken, a wanke shi sau biyu, a jiƙa shi a kwano mai murfi. In kun dawo ku zubar da ruwan jiƙon, ku sake ɗauraye shi. Waken da ya jiƙu ba ya buƙatar kanwa, kuma yana rage cin gas. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa kayan girki. A jajjaga tumatir 4, tattasai 2, attaruhu 1 saboda Auta, da rabin albasa. Kifin kuma a ɓare shi a duba ciki, in akwai fumfuna ko yana warin ruɓa a zubar. Mai kyau a jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a cire ƙaya tsaf, a marmasa.

"Ki ɗora tukunya babu komai a ciki, sannan ki zuba ruwa gwangwani 6 da waken da sauran rabin albasar, kafin ki kunna wuta. Haka ba za ki ɗauki tukunya mai nauyi ba. Ki tabbata ta zauna daram, ba ta girgiɗi, kuma in mai dogon mariƙi ce ki juya mariƙin wajen bango. Idan ta tafasa ki rage wuta, ki ɗan karkata murfi don kada kumfar wake ta zubo ta kashe miki wuta gas yana fita. Bayan kamar minti 25 ki ɗebo ƙwaya biyu da cokali, ki bari su huce, ki latsa. In sun lotsa amma akwai ɗan ƙarfi a tsakiya, lokacin zuba kayan miya ya yi.

"Kada ki zuba tumatir tun farko. Tsamin tumatir yana hana wake laushi, sai ki ga shinkafa ta caɓe wake yana nan da ƙarfinsa. Yanzu ki zuba jajjagen, da man gyaɗa ko manja babban cokali 4, da gishiri rabin ƙaramin cokali, da magi 2, da daddawa, da kifin. Ki bari su tafasa minti 10 har ɗanyen warin tumatir ya fita. Sannan ki zuba wankakkiyar shinkafar a hankali da ludayi, kada ki jefa ta daga sama ruwan zafi ya fantsamo miki. Ki juya sau ɗaya. Ruwan ya kamata ya ɗara shinkafar da kamar gaɓar yatsa ɗaya, amma da cokali za ki auna, ba da yatsa ba. In bai kai ba ki ƙara kaɗan.

"Ki rufe ruf, ki mayar da wuta can ƙasa, minti 20, kada ki yi ta buɗewa. In za ki buɗe, ki ɗaga murfin ta gefen da yake nesa da ke, tururin ya tafi can, don tururi yana ƙuna kamar ruwan zafi. Tsumman da za ki kama murfi da shi ya zama busasshe, jiƙaƙƙe yana kai zafi hannu nan da nan. Idan shinkafa ta yi laushi ruwa ya tsotse, ki kashe wuta, ki bar ta a rufe minti 10. A nan kan murhu za ki zuba wa kowa a farantinsa. Ba a yawo da tukunya mai zafi a tsakar gidan da yara suke guje-guje."

Duka girkin awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Abubuwa biyu ne suka fi lalacewa, kuma ta faɗe su. In aka ji ƙauri alhali shinkafar sama tana da tsakiya, wuta ce ta yi yawa: a rage ta, a yayyafa ruwa rabin gwangwani, a rufe, kada a kankaro gindin tukunya don ƙaurin zai bi abincin duka. In kuwa shinkafa ta nuna ruwa bai tsotse ba, a buɗe murfin a bar ta a ƙaramar wuta minti biyar.

A kan wake zan ƙara nawa, tunda hatsi muke taɓawa kullum. Mun san ana sa wa waken ajiya maganin ƙwari, kuma ba kowane mai sito ba ne yake bin ƙa'ida. Waken da yake warin magani, ko aka ga wani baƙon gari a jikinsa, ba a dafa shi. Wanki da jiƙo suna rage na bayan ƙwaya, amma ba sa ba da tabbacin cewa an rabu da shi duka. Saboda haka uwa ce za ta sayo waken a wurin wanda ta sani, ta shinshina da kanta, ta bar wa yara. Kada a aiki yaro ya sayo na araha.

Wani zai ce me ya sa kifi busasshe, ga kaza a firji? Ɗanyen naman kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da suke bin wuƙa, da faranti, da hannu, su koma kan abin da ba za a sake dafawa ba. Yana kuma buƙatar sanyi ba yankewa, mu kuwa mun san halin wutar lantarkinmu. Busasshen kifi yana zama a kwando mai murfi kwana huɗu lafiya lau.

Bayan an sauke tukunya

Nan ne zuciyar takardar, kuma nan ne na fi so a tsaya a karanta da kyau, don yawancinmu muna ganin da an kashe wuta haɗari ya wuce.

"Abin da ya sa na ce ku dafa daidai cikinku shi ne wannan. A jikin ɗanyar shinkafa akwai wata ƙwayar cuta da take ɓuya a cikin wani ɓawo mai tauri, tafasa ba ta kashe ta. Muddin abinci yana da zafi sosai ba ta motsi. Da ya sauko ya zama ɗumi-ɗumi sai ta farka ta fara hayayyafa, tana zuba guba a cikin shinkafar. Ita gubar ɗumame ba ya kashe ta. Ko kin mayar da tukunyar wuta har ta yi tururi, ƙwayar za ta iya mutuwa amma gubar tana nan. Kuma ba lallai ne abincin ya yi wari ko yauƙi ba. Kada ku ce za ku ɗanɗana ku ji.

"Dokarmu awa 2 ce. In kin sauke da ƙarfe 3 na rana, to kafin ƙarfe 5 ko dai an cinye, ko ragowar ta shiga firji. Ranar da ake zafi sosai kada ma ki jira haka, awa 1 ta isa. In za ki sa a firji, ki baza ta a faffaɗan faranti don ta yi saurin hucewa, sannan ki rufe ki sa. Kada ki sa ta da tukunyarta, tsakiyar takan daɗe da ɗumi. Ku ci kafin kwana ɗaya ya cika, a ɗumama sau ɗaya tak, da ɗan yayyafin ruwa, har tururi ya fito daga ko'ina, ba gefe kaɗai ba. In an ɗauke wuta, kada a yi ta buɗe firji. A rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4. In ta wuce haka ba a kawo ba, shinkafar a zubar. Na san Umma ba ta son ɓarna, shi ya sa na ce a auna tun farko."

Wannan ba ƙirƙirar yarinya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da take koyarwa ke nan: kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta suke samun sarari, kuma zafin ɗakunanmu yana tsakiyar wurin da suka fi so.

Bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce yara sun sauke da ƙarfe 3, suka ci, suka rufe ragowar a tukunya suka ce na dare ne. Ƙarfe 9 suka dawo kanta, awa 6 ke nan. In ƙwayar tana ninkuwa duk rabin awa, abin da take iya yi a abinci mai ɗumi, to ta ninku sau 12. Ɗaya ta zama 2, 2 ta zama 4, haka har ɗayar nan ta haura 4,000. Kuma ba da ƙwaya ɗaya ake farawa ba. Wanda ya ci, amai yakan taso masa cikin awa 1 zuwa 5, wato tsakiyar dare, lokacin da zango ya yi tsit kuma iyaye suna wani gari.

Kula ma ba mafita ba ce. Tana riƙe zafi na ɗan lokaci, amma da an buɗe an ɗiba, abin da ya rage yakan sauko ya tsaya a ɗumi-ɗumin nan awa da awanni. Kular da aka zuba da rana aka buɗe da dare aka tarar babu tururi, daidai take da tukunyar da aka bari a buɗe.

Na san abin da za a ce mini: ai da ɗumame muka girma, ga mu nan garau. Gaskiya ne, sau da yawa ana ci a kwana lafiya, ba kowace ragowa ce take ɗauke da guba mai yawa ba. Amma lokacin da muke cin ɗumamen nan akwai uwa a gida mai ido da ƙwarewa, wadda in ciki ya ɓaci ta san abin yi. Ba kullum ake kwana a gado ba. Yaro mai shekara 7 da yake amai da gudawa ruwan jikinsa yana ƙarewa da sauri fiye da na babba, kuma wadda za ta yanke shawara da ƙarfe 2 na dare 'yar shekara 15 ce. Na kwana huɗun nan dai, gara a dafa sau biyu a rana. Da dare in gajiya ta hana girki, shayi da burodi ko gari da ƙuli-ƙuli sun fi shinkafar da ta yini a tukunya.

In tsautsayi ya gitta

Ta rufe takardar da abubuwa uku, a taƙaice:

"In wani ya ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi minti 20 cur, in babu famfo a riƙa kwarara ruwa da buta. Ban da ƙanƙara. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma rigar da ta manne da fata a bar ta. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko gishiri, ko tawada, duk wanda ya ce a shafa ku ce Yaya ta hana. Kada a fasa bororo. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi. In ƙunar ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, asibiti za a tafi. In tufa ce ta kama wuta kada a yi gudu, a kwanta a yi birgima a ƙasa.

"In kun ƙi jin maganata kuka yi suya har mai ya kama da wuta, kada ku watsa ruwa, ruwa yana tayar da ita sama. A kashe gas, a rufe tukunyar da murfinta, a bar ta a nan har ta huce. In wutar ta fi ƙarfin murfi ku fita ku yi ihu.

"In amai ko gudawa ta kama wani, akwai ƙunshin gishirin asibiti a cikin kwabar Umma, a kaɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa. In ya ƙare, ruwan leda 2 lita 1 ke nan, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a kaɗa, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. Kada a ƙara gishiri. In ba ya iya riƙe ruwan, ko idonsa ya faɗa, ko ya daina fitsari, ko akwai jini a bayan gida, ko ya yi laƙwas ba ya magana, ku tayar da Gwaggo ko ƙarfe nawa ne. Kada ku ɓoye don tsoron faɗa, ni zan tare muku wajen Baba. Lambar gaggawa 112 ce, 'yan kwana-kwana kuma 192. Ku kira ni kullum bayan kun sauke tukunya. Taku, Yaya."

Waɗannan lambobin na Gana ne. 'Yan uwa da suke Kwatano, Lome, Yawunde, Njamena da sauran garuruwa, kowa ya nemi na ƙasar da yake zaune, ya rubuta a bango da manyan baƙaƙe, tare da lambar maƙwabci biyu.

Saura abin da takarda ba za ta iya yi ba, komai kyanta. Ba za ta iya ɗaukar yaro zuwa asibiti ba. A ganina yaron da bai kai shekara 12 ba bai kamata a bar masa wuta ba sam, kuma ko 'yar 15 ɗin ma sai da babba a kusa wanda aka je aka gaya wa baki da baki, aka bar masa kuɗin mota da katin asibitin yaran. Gidajen haya na zango suna da wannan albarkar, ba a rasa gwaggo ko kawu a ɗakin gaba, amma kada a ɗauka cewa sun sani tunda sun ga an fita da jaka.

Sannan girkin farko kada ya zama ranar da aka tafi. Kwana biyu kafin tafiya uwa ta zauna a kujera ta naɗe hannu, yarinya ta yi komai da kanta tun daga shinshina gas har zuwa rufe shi, da gwangwanin da za ta yi awo da shi, a tukunyar da za ta yi amfani da ita. A nan za a gane ko gwangwani 2 yana isar su ko sai an ƙara rabi, ko tukunyar tana girgiɗi a kan murhu, ko ruwan gwangwani 6 ya yi wa irin shinkafar gidan yawa, don kowace shinkafa da irin shan ruwanta. Abin da aka gyara a rubuta shi a gefen takardar.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su su tarar da gida lafiya. Sai mako mai zuwa.